Kurakuran yanka albasa: hawaye da yankan da ba ya soyuwa daidai

Da yawa daga cikinmu albasa muke ɗora wa laifi idan ido ya fara ruwa, alhali galibi laifin wuƙa ne. Albasar Galmi da muke saye a kasuwar Dole ta Damagaram tana da ƙarfi, gaskiya ne. Amma abin da ke sa hawaye wani tururi ne da ke tashi idan naman albasa ya farfashe, ya je ya taɓa danshin ido. Wuƙar da ta dakushe murje albasa take yi, sai ruwanta ya fito da yawa, tururin ya ƙaru. Za ki gane haka idan kika ga ruwa ya kwanta a katako, bakin yankan kuma ya yi laushi. Ki wasa wuƙar kafin ki fara, ko a gindin kofin tangaran ne.

Zafin Damagaram ma na taimaka wa tururin tashi. Bayan kin ɓare albasar, ki sa ta a firigo ko a kwanon ruwan randa mai sanyi kamar minti 15, ki goge ta tas, don jiƙaƙƙiyar albasa tana sa mai tartsatsi. Kuma ki zauna inda iska ke wucewa, kada ki sunkuya a kanta.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne sare gindin albasa tun farko, wato wajen saiwa. Nan ne ya fi yaji, kuma shi ke riƙe da sassan cikinta. Da kin cire shi sai su riƙa zamewa, wani yanki ya fito siriri, wani da kauri. A cikin mai, siraran sun ƙone sun yi ɗaci tun masu kaurin ba su daina fari ba. Yanka a tafin hannu, yadda muka taso muka ga iyayenmu na yi, ya isa ga miya, amma suya tana son katako.

Ɗauki albasa ɗaya. Yanke kanta, ki raba ta biyu daga sama zuwa saiwa, sannan ki ɓare. Ɓawon ya fi saurin fita haka. Kife rabin a katako, ki lanƙwasa yatsunki ciki, ki bi layukan da ke jikinta kina yankawa, kowane yanki kamar milimita 3. Bin layin yana rage ruwan da ke fita, kuma albasar ba ta dagargajewa a kasko. Sai a ƙarshe ki cire gindin, ki warware yankan da yatsu.

Idan man gyaɗa ya yi zafi, zuba kaɗan-kaɗan a matsakaiciyar wuta kina juyawa. Ki kwashe da zarar ta fara yin ja, domin tana ci gaba da yin duhu a cikin matsami.