"Wuta ta ɗauke, an shawo kan matsalar": kurakuran rubuta rahoton katsewar iskar oksijin

Da safe na karɓi aiki a ɗakin yara, na buɗe littafin rahoto, sai na tarar da layi biyu: "Cikin dare wuta ta ɗauke, na'urar iska ta tsaya. An sa silinda, an shawo kan matsalar, babu wanda ya samu illa." Wadda ta rubuta ma'aikaciya ce mai ƙwazo, kuma daren nan ta yi gudu ta yi gumi saboda yaran. Babu ƙarya ko ɗaya a rubutunta. Sai dai babu abin da likita ko injiniya ko shugaban asibiti zai iya yi da shi. Kafin ta tafi gida na zaunar da ita muka bi daren dalla-dalla, kuma da wannan dare zan nuna kurakuran da na fi gani.

Babban cikinsu shi ne rashin lokaci. "Cikin dare", "na ɗan lokaci", "ba da daɗewa ba", duk ba su auna komai. Har waɗanda suke sa lokaci sukan sa biyu kawai, na ɗaukewar wuta da na dawowarta, alhali wannan tarihin wuta ne, na majinyaci daban yake. A daren da nake magana wuta ta ɗauke 01:42. Janareto bai tashi ba saboda batirinsa ya yi sanyi, sai 02:19 aka samu ya kama. Minti 37 ke nan babu wuta. Amma yara uku ne a kan na'urorin tace iska, masu aiki da wuta suna tato oksijin daga iskar ɗaki, kuma kowanne da nasa lissafin. An haɗa babbar silinda 01:51, bayan an ɓata mintuna ana neman makullin buɗe ta, aka ɗora na gado 3 da na gado 5 a kanta domin su suka fi jin jiki. Su biyun minti 9 suka yi babu iska. Yaron gado 2 kuwa sai da aka aro ƙaramar silinda daga ɗakin haihuwa, ta iso 02:04. Shi minti 22 ya yi. Wanda ya rubuta "an sa silinda" ya binne waɗannan mintuna 22, kuma su ne abin da likitan safe ya fi buƙatar sani.

Akwai wani lokacin da kusan kowa ke mantawa. Dawowar wuta ba ta nufin iska ta dawo nan take, domin na'urar tace iska tana buƙatar 'yan mintuna kafin abin da take fitarwa ya kai ƙarfinsa. A wannan dare fitilar gargaɗin ta mutu 02:24, aka mayar da yaran kan na'urorin 02:27. Wannan ma a rubuta shi.

Game da agogo, a zaɓi guda ɗaya a faɗi ko wanne ne. Agogon bangon ɗakinmu ya taɓa yin gaba da minti 6, mai kula da janareto kuma wayarsa yake dubawa, sai rahotonni biyu suka saɓa har aka fara zargin wani yana ɓoye abu. A yi amfani da lissafin awa 24, don kada 2:00 na dare ta rikice da ta rana. In ba ka duba agogo a lokacin ba, ba laifi ba ne, hannunka yana kan yaro. Rubuta "kimanin 01:50", ka faɗi abin da ka dogara da shi, misali kiran da ka yi wa likita wanda wayarka ta ajiye lokacinsa. Haka nan a bambanta lokacin da abu ya faru da lokacin da aka gano shi. In ka zo ka tarar silinda ta ƙare, abin da ka sani shi ne yaushe ka duba ta na ƙarshe tana aiki da yaushe ka same ta babu komai. Rubuta su biyun, kada ka ƙirƙiri na tsakiya.

Kuskure na biyu shi ne cewa "na'ura ta lalace". A daren nan na'urorin ba su lalace ba, wuta suka rasa. Da an rubuta lalacewa, da injiniya ya zo ya kwance na'ura mai lafiya, batirin janareto kuma yana nan yadda yake yana jiran wani daren. Mai rahoto ya faɗi abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji: ta yi ƙara ko shiru ta yi, wace fitila ce ta kama, me allon ya nuna, ƙwallon mitar iska ya faɗi ƙasa ko yana sama. Gano musabbabi aikin mai gyara ne. A kuma sa lambar da ke jikin na'urar, domin "ta kusa da taga" gobe an tura ta wani ɗakin.

A nan akwai tarkon da ya kamata kowa ya sani. Kumfar da ke tashi a kwalbar ruwan da ke jikin na'urar ba shaida ba ce cewa oksijin ne ke fita. Na'urar da matatarta ta gaji tana iya ci gaba da hura iska, ƙwallo yana sama, ruwa yana kumfa, alhali abin da ke isa hancin yaro bai fi iskar ɗaki da yawa ba, ita kuwa kashi 21 cikin ɗari ce kawai oksijin. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce na'urar ta yi gargaɗi in ƙarfin ya sauka ƙasa da kashi 82. Saboda haka "na'ura tana aiki" ba bayani ba ne. In an auna ƙarfin, a rubuta adadin. In ba a auna ba, a ce ba a auna ba, a faɗi halin fitilar gargaɗi. Na'urar da ake zargi kuma a janye ta gefe a liƙa mata takarda, kada a taɓa saitinta har mai gyara ya gani.

Sai batun madadin da aka yi amfani da shi, inda na fi so a tsaya a yi lissafi. "An sa silinda" ya bar tambayoyi da yawa a buɗe: wace silinda, nawa ne a cikinta, yara nawa ta ɗauka, lita nawa a minti. Babbar silinda irin tamu tana ɗaukar wajen lita 6,800 in ta cika a matsin 137 bar, wato kusan lita 50 ga kowane bar ɗaya. Da aka haɗa ta, allurar mita tana kan 40, ke nan akwai kimanin lita 2,000. Yara biyu a kan lita 2 a minti kowanne suna shan lita 4, don haka za ta kai su awa 8 da ɗoriya. Da babban mutum ne a kan lita 15 a minti, da kaɗan za ta wuce awa 2.

Ga amfanin rubuta mita sau biyu, farko da ƙarshe. Daga 01:51 zuwa 02:27 minti 36 ne, a lita 4 a minti ya zama lita 144, abin da bai kai bar 3 ba. Ya kamata allura ta tsaya wajen 37. Da muka je muka duba, tana kan 25. Bar 15 sun tafi, wajen lita 750. Ina sauran ta shiga? Washar da ke tsakanin regileta da bakin silinda ce ta tsage, iska tana zurarewa a hankali, kuma cikin kukan yara da ƙarar gargaɗi babu wanda ya ji. Da ba don waɗannan lambobi biyu ba, da mun mayar da silindar kusurwa muna ganin muna da madadi.

Madadin da aka nema aka rasa shi ma a rubuta shi. Makullin da ba ya wurinsa, inbatar da ba ta ɗauki na'urar ba, wayar da aka kira sau uku ba a ɗaga ba, duk da lokutansu. Mutane kan tsallake wannan don kada su ja wa abokin aiki magana. Hanyar fita ita ce a rubuta abin da ya faru ba tare da yanke hukunci ba: "An kira ɗakin janareto 01:44 da 01:49, ba a ɗaga ba, an tura masinja 01:52." Wannan ya isa. "Mai janareto yana barci" zato ne in ba ka gan shi ba.

Na bar "babu wanda ya samu illa" a ƙarshe saboda ita ta fi damuna. Hukunci ce da aka yanke da asuba, kafin yaron ya nuna abin da zai nuna. A maimakonta a ba kowane majinyaci nasa layin, da lambar fayil ko ta gado, ba da suna ba. Ga yadda muka gyara na gado 2, inda SpO2 ke nufin ma'aunin oksijin a cikin jini: "Ɗan wata 8, limoniya, yana kan lita 1 a minti ta robar hanci. SpO2 94 da 01:00. Babu iska daga 01:42 zuwa 02:04. Mafi ƙasa da aka gani 83, da 01:58, numfashi 64 a minti, ƙirji yana lotsawa, ya ƙi mama. An ɗaga kansa, an share majina. SpO2 92 da 02:12. Likita ya duba shi 02:35. An yi wa mahaifiyarsa bayani." Ƙasa da 90 shi ne inda ake ba yaro oksijin, don haka duk likitan da ya ga 83 ya san a ina aka tsaya. A lura da "mafi ƙasa da aka gani": na'urar auna iska a yatsa guda ɗaya ce tana yawo tsakanin gadaje uku, ba mu san abin da ya faru lokacin da take kan wani yaron ba. In ƙafar yaron ta yi sanyi ko yana wutsil-wutsil har karatun yana tsalle, wannan ma a ambata.

In kuwa an rasa rai, Allah Ya kiyaye, kada mai rahoto ya rubuta "ya rasu saboda katsewar iska", kada kuma ya rubuta "ba shi da alaƙa". A watan Agustan 2017, a wani asibitin gwamnati a Gorakhpur ta Indiya, iskar oksijin ta katse bayan ba a biya kamfanin da ke kawo ta kuɗinsa ba, yara da yawa suka rasu, aka daɗe ana jayayya, hukuma tana cewa cutukansu ne suka kashe su, iyaye suna cewa rashin iska ne. Irin wannan tambaya masu bincike ne ke amsa ta, kuma da lokuta da ma'aunan da aka rubuta a daren suke amsa ta.

A bar wuri a ƙasan rahoton don ƙarin bayani bayan awa 24, mai ɗauke da kwanan wata da sa hannu, ba tare da goge abin da aka fara rubutawa ba. Yaron gado 2 washegari sai da aka ƙara masa iska zuwa lita 2, muka rubuta hakan a wurin. An canja washar a ranar, an ɗaure makullin silinda da igiya a jikin kekenta, batirin janareto kuma ya shiga jerin abin da ake dubawa duk mako.