Yadda ake ceto rubutu idan fayil ɗin Word ya ƙi buɗewa

Yawancin waɗanda ke kawo mini fayil ɗin da ya ƙi buɗewa sun riga sun ƙarasa kashe shi da hannunsu. Word ya nuna musu "Word found unreadable content", sun danna Yes, shafi ya fito rabi da rabi, su kuma suka adana shi a kan na asali. Don haka kafin ka taɓa komai, kwafi fayil ɗin daga filashi zuwa kan kwamfuta, ka yi kwafi biyu, duk gwajin da za ka yi ya kasance a kan kwafin. Ni ba na gyara a kan filashi ko kaɗan, domin sau da yawa filashin ne ma ya jawo matsalar.

Sai ka duba girmansa ta Properties. In ka ga 0 KB, babu abin da za a ceto a ciki, sai dai ka nemi wani kwafi. In kuwa ka ga akwatin Unblock a ƙasa, wataƙila fayil ɗin lafiyarsa lau, Windows ne ya tare shi saboda daga intanet ko imel ya zo. Ka sa masa alama, ka danna OK, ka sake gwadawa.

Bai buɗe ba? Kada ka sake danna shi sau biyu. Buɗe Word ɗin shi kaɗai, ka bi File, Open, Browse, ka zaɓi fayil ɗin da dannawa ɗaya, sannan ka danna 'yar kibiyar da ke gefen Open ka zaɓi Open and Repair. In ya fito, nan take ka adana shi da sabon suna. A wannan tagar akwai kuma Recover Text from Any File a jerin nau'in fayil. Yana taimakawa ga tsohon .doc, amma ga .docx yawanci shirme yake zubowa. Gara ka gwada LibreOffice Writer ko ka ɗora shi a Google Docs. Dukansu kyauta ne, kuma wani lokaci suna kau da kai daga kuskuren da Word ba ya yafewa. Manhajojin gyara da ake sayarwa da dala kuwa, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Inda mutane ke sarewa shi ne nan, alhali nan ne rubutu ya fi fitowa. Tun daga Word 2007, fayil ɗin .docx ƙunshi ne na zip, da ƙananan fayiloli a cikinsa. Hotuna suna nasu wuri, tsarin shafi na nasa, rubutun kansa kuma yana cikin word/document.xml. Hoto guda da ya lalace na iya hana Word buɗe komai, rubutun kuwa babu abin da ya same shi.

A ce ɗalibi ne da babi3.docx mai nauyin 2 MB, an zare filashi ana tsakiyar adanawa. Ka danna dama a kan kwafin, ka buɗe shi da 7-Zip, manhajar buɗe fayilolin zip, ta Open archive. In ka ga jakar word, to da sauran fata. Shiga ciki ka jawo document.xml waje, hotunan ma suna jakar media. Ko 7-Zip ya yi ƙorafin kuskure, ka karɓi abin da ya iya fitarwa.

Buɗe document.xml da Notepad++, manhajar gyara rubutu. Za ka ga tarin alamomi sun binne rubutun, kada ka tsorata. Danna Ctrl+H, ka zaɓi Regular expression, ka yi sauyi sau biyu da Replace All:

```
Find: </w:p>     Replace: \n
Find: <[^>]+>    Replace: (bar shi babu komai)
```

Jerin yana da muhimmanci. Na farko ne ke raba sakin layi. In ka fara da na biyu, babin gaba ɗaya zai dunƙule ya zama layi guda. Abin da ya rage shi ne kalmominka. In ka ga ɗ da ƙ sun rikiɗe, je Encoding ka zaɓi UTF-8. Tebur da girman harafi sun tafi, sai ka sake tsarawa. Bayanan ƙasan shafi suna footnotes.xml, su ma haka za ka yi musu.

In 7-Zip ya ce ba zai iya buɗe shi ba, buɗe .docx ɗin kai tsaye da Notepad++. Lafiyayyen .docx da haruffan PK yake farawa. In NUL kawai ka gani jere daga sama har ƙasa, rubutun bai taɓa sauka a wurin ba. Haka filashin jabu ke yi, wanda ke nuna girman da ba shi da shi.

Daga nan sai neman kwafi a kwamfutar da aka yi rubutun: File, Info, Manage Document, Recover Unsaved Documents, da fayilolin .asd ko .wbk a cikin %AppData%\Microsoft\Word. Ka leƙa imel da WhatsApp ma, ko ka taɓa tura wa malaminka ko mai shagon buga takardu.