Yadda Ake Kare Zaɓin Haɗa Ƙididdiga da Hira a Binciken Barin 'Yan Mata Sakandare

Ɗalibai da yawa suna rubuta a babi na uku cewa sun haɗa hanyoyi biyu "domin samun cikakken sakamako". Wannan ba hujja ba ce, kuma ranar kare aiki nan masu jarrabawa za su tsare ka. Hujjar tana fitowa ne daga tambayar bincikenka.

Da farko raba tambayar gida biyu. 'Yan mata nawa suka bari, kuma a wane aji? Rajistar makaranta ke amsa wannan. Me ya fitar da su? Wannan sai an zauna da su da iyayensu.

Bayan haka nuna gurguntar kowace hanya in ta tsaya ita kaɗai, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Rajista tana nuna sunan yarinya ya ɓace, amma sau da yawa ba ta bambanta wadda aka aurar da wadda ta koma wata makaranta ko iyayenta suka yi ƙaura. Takardar tambayoyi da ake rabawa a aji kuwa tana isa ne ga waɗanda suka rage. Wadda kake nema tana gida ko tana talla. Hira kaɗai ma ba ta wadatar, domin labarin mutum goma ba zai nuna girman matsalar a ƙaramar hukuma ba.

Sai ka faɗi wadda za ta riga, da dalili. Ni na fi son a fara da ƙididdiga, ita ta nuna inda za a je hira. A ce 'yan mata 120 suka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, 100 suka kai aji uku, amma 60 kaɗai suka shiga babbar sakandare. Ka ga giɓin yana a tsallakawa, daidai inda karatun kyauta kuma na dole da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanada ya ƙare. To, daga cikin 40 ɗin nan za ka zaɓi masu hira, wasu daga ƙauye, wasu daga cikin gari.

Rubuta kuma inda sakamakon biyu zai haɗu: jadawali guda, kowane adadi da bayanin hira a gefensa. In suka saɓa, misali malamai suka ce aure ne, yarinyar ta ce kuɗin mota ya tsayar da ita tun kafin maganar aure, kada ka ɓoye. Wannan saɓanin shi ne ribar tsarin.

Daga ƙarshe bayyana yadda za ka shiga gidaje: sanar da mai unguwa, izinin iyaye ko miji, amincewar yarinyar da kanta, mace mai yin hirar, da sakaya sunaye. Ka kuma ambaci iyakar aikin, domin waɗanda aka aurar zuwa wani gari da wuya a same su, muryarsu kuwa za ta yi ƙaranci a sakamakon.