Yadda nake neman kalmar yabo wajen kwastoma

'Yan uwa masu ɗinki, ni dai a Gombe ga yadda nake yi. Ba na tambaya ranar da aka karɓi kaya, sai na bari ta saka ta fita biki ta dawo, kwana 2 ko 3, lokacin ma ita ce za ta turo hoto tana cewa kowa na tambayar wa ya ɗinka. To a nan nake cewa, "Hajiya na ji daɗi wallahi, in ba damuwa zan iya sa wannan maganar taki a sitatus? Zan rufe suna da lamba." Kun ga ban sa ta aikin rubuta komai ba, abin da ta riga ta faɗa ne. Hotonta kuwa daban nake neman izini, wata mijinta ba ya so. In ta yi shiru ban ƙara tayar da zancen.