Yadda za ka tara shaidar waɗanda ka yi wa aiki ka sa a shafinka ba tare da ƙarya ba

Aikina haɗa sola ne nan Damagaram, kuma ni na yi wa kaina ɗan shafi a intanet, daga baya na taya wasu abokai masu gyaran firigo da masu jan waya suka yi nasu. Kusan kowa kuskure ɗaya yake yi, ni ma na yi shi: ka gama aiki, wuta ta kama, maigida yana murna ya ce "kai madalla, aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka", sai ka ciro salula ka ce Alhaji maimaita in ɗauka. To ai wannan gaisuwa ce. Mutumin da ka wuni a gidansa, aka kawo maka fura, ba zai dubi idonka ya ce bai gamsu ba, kuma ko yana so ya faɗa bai san komi ba tukuna, aikin bai kwana ba.

Ga abin da ya same ni. Cikin watan Disamba na haɗa wa wani Alhaji a Birni panno da batir guda mai 12V 200Ah, don fitilu da fanka biyu da ƙaramin firigo. Ran nan ya yi mini wokal mai daɗi, na rubuta na sa a shafi har da ƙarin gishiri, na ce "wuta dare da rana ba yankewa". Shi bai ce haka ba, ni na ƙara. Lokacin sanyi ne, ba mai kunna fanka, firigo ma kaɗan yake ja. Da Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, fanka biyu suna juyawa tun magariba. Batir irin wannan wajen 2400Wh yake ɗauka a takarda, kuma in ba kana so ka kashe shi da wuri ba rabi kawai za ka ci, wato wajen 1200. Fanka biyu masu wat 50 na awa goma sun cinye 1000, ina na firigo? Ƙarfe uku na dare wuta ta ɗauke. Laifina ne wurin lissafi, na kuma gyara, amma kafin nan ƙanen matarsa ya ga maganar a shafina, ya karanta masa a majalisa gaban mutane, "Alhaji ashe kai ka ce ba yankewa?" Zinder ba ta da girman da za ka laƙa wa mutum magana ta ɓace. Har yau in mun haɗu a kasuwar Dole gaisuwar tamu a tsaye take.

Saboda haka mataki na farko shi ne jira. Ka ba aikin lokacin da zai nuna halinsa. Mai gyaran firigo ya jira sati biyu ko uku, don in gas yana zuba ta wani ɗan rami ba ran farko ake ganewa ba. Mai jan ruwa ya jira sati ɗaya ya ga ko bango ya jiƙe. Mu masu sola wata guda ne mafi ƙaranci, wanda kuwa aka haɗa wa da sanyi ni ba na tambayarsa sai ya ga bazara, ko da zan jira wata huɗu. Wasu za su ce ya yi yawa, to ni dai haka nake yi.

Na biyu, ka sayi kaye na dala ashirin ko talatin ka riƙa rubuta duk aikin da ka gama: rana, unguwa, abin da aka yi, ranar da za ka tambaya. Amfaninsa shi ne ka tambayi kowa. In ba ka rubuta ba zuciyarka da kanta za ta riƙa tsallake waɗanda kuka yi ƴar hayaniya da su, ka wayi gari shafinka cike da yabo alhali waɗanda ka san za su yaba kawai ka zaɓa. Kowace magana a ciki gaskiya ce amma jimillar ƙarya ce. Google ma a ƙa'idojinsa ya hana wannan zaɓen, ya kuma hana ba da kuɗi ko ragi ko kyauta don a rubuta maka, ya hana ka rubuta wa kanka. Don haka zancen "zan tura maka kiredi na jika guda in ka sa mini tauraro biyar" a bar shi, in sun gano suna cire sharhin.

Yanzu tambayar kanta, nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Kar ka ce "yaya aikin, ya yi kyau ko?" don amsar ɗaya ce, lafiya lau alhamdulillahi. Kar kuma ka kira, mutum yana jin muryarka kunya za ta kama shi. Ka tura saƙo ta WhatsApp ya amsa lokacin da ya ga dama, kuma ka bar shi ya yi wokal, da yawa cikin masu ba mu aiki rubutu yana musu nauyi amma magana ba a fin su. Ga irin abin da nake turawa:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da yini, ya iyali ya zafi. Wata ɗaya ke nan da aikin da muka yi. Don Allah ina son ka gaya mini abu uku: mece ce matsalar kafin mu zo, yanzu ƙarfe nawa wuta take kaiwa da dare, kuma me ka ga ya kamata mu gyara a aikinmu. Kar ka ji nauyina, gyaran nake nema."

Tambaya ta uku ita ce mai buɗe baki. Da ka ba mutum izinin kushe sai yabon ma ya fito da ma'ana. Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da lemun ɗauri a Zango ta amsa mini da wokal na kusan minti biyu, rabin farko gaisuwa da addu'a, sannan ta ce da in kuran ya ɗauke kayanta narkewa suke yi, yanzu firiza tana riƙewa har asuba, sai dai mun ce za mu zo Talata ba mu zo ba sai Alhamis, kuma yaran sun bar guntayen waya a tsakar gida. Wannan ita ce shaidar da ta fi kawo mini aiki, don duk wanda ya karanta ya san mutum ne ya faɗa.

Sai juya wokal zuwa rubutu. Ka'idata: ana iya ragewa, ba a ƙarawa, kuma ba a rage abin da zai canza ma'ana. Gaisuwa da maimaici ka cire. "Sai dai" ɗin nan kuwa ba ka taɓa shi, in ka yanke maganar Hajiya daidai "har asuba" ka jefar da Talata da Alhamis to ka yi mata ƙarya da bakinta. Kar ka gyara mata Hausa ta koma ta rediyo, yadda ta faɗa haka za ka rubuta. In shafinka da Faransanci yake saboda ma'aikata da ƙungiyoyi, ka sa Hausar a sama fassarar a ƙasa, ka rubuta cewa fassara ce, kuma ka kula, "ba laifi" ba ya nufin aikin ya fi na kowa, kar fassara ta ɗaga shi. Da ka gama ka mayar mata da rubutun, ko ka karanta mata a wokal: "Hajiya ga abin da zan sa, haka kika ce? Kin yarda in sa a shafi inda kowa zai gani? Da wane suna?" Sai ta ce eh sannan ya hau. Amsar tata ka adana, ka yi kaptir, wokal ɗin kuma ka tura shi wani wuri daban don salula tana faɗawa ruwa.

Batun suna ka ba mutum zaɓi: cikakken suna, ko "Hajiya, mai ƙanƙara, Zango", ko unguwa kaɗai. Yawanci na tsakiyar suke ɗauka. Lambar waya ba ta hawa ko da ya ce ba komi. Hoton ƙofar gida ma ba na sawa, ka nuna gidan da ke da panno da batura ai ka yi wa ɓarayi talla. Hoton matar aure ko muryarta kar ka ko fara sai ita da maigidanta sun sani. Kuma ba kunya ce kawai ba, Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita a Yamai, suna da murya da hoto duk suna ciki. Wanda ya dawo daga baya ya ce a cire tasa, a cire ran nan ba gardama.

A shafin, kowace shaida ta zo da aikin da aka yi, watan da aka yi shi, da watan da aka yi maganar, misali an haɗa Disamba an yi magana Mayu. Mai hankali yana ganin haka ya san ta ci bazara. In ɗan'uwanka ne ko abokinka ka rubuta haka a ƙasa, ko ka bar ta gaba ɗaya, ni barinta nake yi. A sama ka sa layi ɗaya na yadda kake tarawa, nawa cewa yake: muna tambayar duk wanda muka yi wa aiki bayan wata guda, ba ma biyan kowa, muna sa ta duk wanda ya yarda. Taurari kuwa in mutum bai ba ka da bakinsa ba kar ka zana masa biyar a kan maganarsa, masu haɗa shafi suna son wannan adon, ka ce a cire. Hotunan Turawa masu murmushi da ke zuwa da samfurin shafi da sunayensu su ma a goge, na taɓa ganinsu a shafin wani mai gyaran babur, an manta.

Inda ka yi gyara bayan kushe ka rubuta amsarka ƙarƙashi a layi ɗaya, "gaskiya ne mun makara kwana biyu, kaya ne suka tsaya a hanya daga Kano", in dai hakan ne ya faru.

Na Google da Facebook a gurguje. In kana da shafin sana'a a Google Maps akwai wurin da ke ba ka liƙau na neman sharhi, ka tura wa masu iya rubutu da ke da akawun na Google, su rubuta da salularsu, kar ka karɓi wayar ka rubuta musu. Can ba ka iya goge mummunan sharhi, sai dai ka amsa, ko ka kai ƙara in zagi ne ko na wanda ba ka taɓa yi wa aiki ba. Facebook kuma tun 2018 ya bar taurari ya koma ko kana ba da shawarar a je ko a'a. In za ka kwafo na can zuwa shafinka ka faɗi daga inda ka ɗauko, ka kuma sanar da mai shi. Duk farkon damina ina bin shafina in duba, wanda batirinsa ya mutu ko muka canza masa kaya sai in sake tura masa tambayoyin nan uku, in sa sabuwar maganar ƙarƙashin tsohuwar da kwanan watanta.