Darasi na Tara: Jinga, Lada Bisa Kuɗin Kaya, da Aikin Yini

Duk wanda ya taɓa sa a yi masa gini, ko ɗinkin kayan biki, ko gyaran mota, ya ƙulla kwangila, ko da bai kira ta da wannan suna ba. Rigimar da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ce: kaya sun yi tsada, ko aiki ya ɗauki kwanakin da ba a zata ba, sai a tsaya ana jayayya kan wanda zai biya ƙarin. Amsar tana cikin irin cinikin da aka yi tun ranar farko. A wannan darasi za mu ɗauki aiki guda ɗaya, mu ƙulla shi ta hanya uku, mu ga aljihun da asara take faɗawa a kowace hanya.

Aikin da za mu yi lissafi da shi

Wata Hajiya tana son a kewaye filin da ke bayan gidanta da katanga mai tsawon mita 20, tsayi mita 2. Mita 20 sau 2 ya ba da murabba'in mita 40. Bulo mai inci tara guda goma ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, saboda haka ana bukatar bulo 400. Farashin da ke ƙasa na misali ne don sauƙin lissafi. Ku sa na kasuwarku idan kun koma gida.

Bulo 400 a kan naira 600 kowanne: naira 240,000.
Siminti buhu 20, na tushe da na ɗora bulo, a kan naira 9,000: naira 180,000.
Yashi da tsakuwa da ruwa: naira 80,000.
Magini ɗaya da lebura biyu, naira 12,000 kullum har kwana 10: naira 120,000.

Kaya sun tashi naira 500,000. An haɗa da kuɗin ma'aikata, jimla naira 620,000. Ku riƙe wannan adadi, don shi ne ainihin abin da katangar za ta ci idan komai ya tafi daidai.

Hanya ta farko: jinga

Jinga kowa ya san ta, daga noma har gini. Ana yanke kuɗi ɗaya a kan aiki gaba ɗaya. Ɗan kwangila ya duba wurin, ya ce, "Hajiya, ki ba ni dubu ɗari bakwai, kaya da ma'aikata duk a wuyana, ke dai ki zo ki ga katanga." Idan ya kashe 620,000, ribarsa 80,000.

To, a ce bayan an tafa hannu kasuwa ta juya. Wannan ba tatsuniya ba ce: bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 kuɗin dakon kaya ya tashi, a farkon 2024 kuma siminti ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan makonni. A misalinmu, buhu ya koma 12,000, wato ƙarin 3,000 sau 20, naira 60,000. Masu buga bulo su ma da siminti suke aiki, sai suka ƙara naira 100 a kowane bulo, ƙarin 40,000. Yanzu katangar za ta ci 720,000. Hajiya 700,000 za ta biya, ko kwabo ba za ta ƙara ba. Ribar ɗan kwangila ta tafi, har ya ciko 20,000 daga aljihunsa. A jinga, tashin farashi da jinkirin aiki duk a kan mai yin aikin suke. Idan kuma siminti ya sauka, ko ya gama a kwana bakwai, rarar tasa ce, bai kamata a yi masa ƙyashi ba. Shi ya sa kuɗin jinga yake ɗara lissafin kaya: wannan 80,000 har da ladan ɗaukar kasada a ciki.

Amma kada mai aiki, wato wanda ya ba da jingar, ya ce ya tsira. Mutumin da ya ga asara ta tunkaro shi zai nemi inda zai rage zafi, kuma inda ido ba ya gani can zai nufa. Zai taƙaita zurfin tushe. Zai cika yashi a kwaɓi, buhu ɗaya ya yi aikin buhu biyu. Zai sayo bulo mai arha wanda kusurwarsa ke marmashewa a hannu. Na taɓa tsayawa gaban wata katanga da aka gama da mako biyu, na sa ƙusa na karci tsakanin bulo da bulo, sai ga kwaɓin yana zubowa kamar garin rogo. Damina ɗaya ta kwantar da ita. Saboda haka a jinga aikinka shi ne duba inganci: ka ga tushe da idonka kafin a rufe shi, ka ƙirga buhunan da aka buɗe. Kuma kada ka ba da kuɗi duka tun farko. A raba biya: kafin alƙalami don sayen kaya, wani kaso idan an gama tushe, wani idan gini ya kai ƙarshe, a riƙe ɗan saura sai an duba.

Akwai abu biyu da ke fasa jinga. Na farko, sauya magana. Idan Hajiya ta ce a ƙara layi biyu a sama, ko a buɗe ƙofa a tsakiya, wannan sabon aiki ne, kuɗinsa a kanta yake, kuma a yanke shi a rubuta kafin a ɗora bulo ɗaya. Na biyu, abin da ke ɓoye a ƙasa. Ana cikin haƙa tushe aka ci karo da dutse, ko tsohuwar shadda da aka cike. Wa zai biya? Idan ba a faɗa tun farko ba, nan ne ake kaiwa gaban mai unguwa. Jinga tana kyau ne ga aikin da aka san tsawonsa da faɗinsa da irin kayansa sarai.

Hanya ta biyu: kuɗin da aka kashe, da lada a kai

A nan ɗan kwangila yana cewa, "Duk abin da na kashe zan kawo miki rasit ki biya, sannan ki ɗora mini kashi goma cikin ɗari ladan tsayawa a kan aikin." Idan komai ya tafi daidai, 620,000 da lada 62,000, Hajiya ta biya 682,000. Ta fi jinga sauƙi da 18,000, domin ba ta sayi kwanciyar hankali ba.

Yanzu mu kawo tashin farashin nan. An kashe 720,000, kashi goma ya zama 72,000, jimla 792,000. Hajiya ta ƙara 110,000. Ku lura da kyau: ladan ɗan kwangila ya ƙaru da 10,000 saboda kaya sun yi tsada. Wannan shi ne aibin wannan hanya, kuma ni ina ganin aibi ne babba. Mutumin da ladansa ke girma idan an kashe da yawa ba shi da dalilin taya kaya a kasuwa, ko hana ɓarnar siminti. Ko mai gaskiya ne, ba a kyauta masa ba da aka ɗora shi a kan wannan jarraba.

Maganinsa biyu ne. A yanke ladan a matsayin kuɗi tsayayye, a ce 62,000 ne ko kaya sun hau ko sun sauka. Sannan a sa iyaka: idan kashe kuɗi zai wuce, misali, 700,000, a dakata a nemi izinin mai aiki. Kuma a fayyace abin da ake kira kuɗin aiki. Kuɗin mota zuwa kasuwa yana ciki? Abincin ma'aikata fa? Gyaran wurin da magini ya karkata da kuskurensa fa? Abin da ba a ambata ba, a rasit zai ɓullo. Idanun mai aiki a wannan hanya kan takardu suke: rasit ya ce buhu 20, a ƙirga a ga 20 sun shigo gida. Ana bin wannan hanya ne idan ba a san girman aikin ba, kamar gyaran tsohon gidan ƙasa da sai an yaye rufi za a ga halin da azara take ciki.

Hanya ta uku: aikin yini da kuɗin kaya

Wannan tana kama da ta biyu, har mutane kan haɗa su, amma akwai bambanci. A ta biyu ana biyan ainihin abin da aka ba ma'aikata, a ɗora lada. A ta uku tun farko ake yanke kuɗin yini ɗaya, ribar ɗan kwangila tana ciki, ba ruwan Hajiya da nawa yake ba leburorinsa. A ce an yanke 14,000 kullum. Kwana 10 ya zama 140,000, kaya 500,000, jimla 640,000.

Tashin farashin kaya a kan Hajiya yake, haka ma yawan kwanaki. Idan aikin kwana 10 ya koma 15, kuɗin yini ya zama 210,000, ƙarin 70,000, alhali katangar ba ta ƙaru da bulo ɗaya ba. Ɗan kwangila ɗan abin da ya ɗauka kaɗan ne: idan leburori suka ce sai an ƙara musu, daga cikin 14,000 ɗinsa zai fitar.

Manoma sun san wannan tun da daɗewa: ɗan jinga sauri yake yi ya bar ciyawa a baya, ɗan yini kuwa rana yake kallo. Don haka a aikin yini lokaci ake tsarewa. A ajiye littafi, kullum a rubuta wa ya zo, ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka tashi, layi nawa aka ɗora. A yi magana kan ranar da ruwan sama ya hana aiki, da ranar da ma'aikata suka zo suka tarar babu yashi. Idan Hajiya ce ta yi jinkirin kawo kaya, adalci shi ne ta biya yinin. A kuma sa iyakar kwanaki, wadda ba za a wuce ba sai an sake zama. Ƙananan gyare-gyare, irin neman inda famfo ke yoyo, su suka fi dacewa da wannan hanya.

Kowace aka zaɓa, a rubuta sunanta a saman takarda, da kuɗin, da ranar gamawa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Aikin aji

1. A misalin katanga, a ce siminti ya sauka zuwa 8,000, sauran kaya ba su motsa ba. Nawa Hajiya za ta biya a jinga? Nawa za ta biya a hanya ta biyu mai kashi goma?
2. An yanke yini a kan 14,000, aiki ya ɗauki kwana 13, kaya sun ci 500,000. Nawa ne jimla?
3. Tela ya yi jingar ɗinka kayan makaranta guda 30, yadi da zare daga wajensa. Yadi ya yi tsada kafin ya saya. Wa zai ɗauki ƙarin?
4. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya mai aiki ɗaya magini, ku rubuta yarjejeniyar jinga mai layi shida, har da abin da za a yi idan an tarar da dutse a tushe.