Yadda Ake Rubuta wa Hukuma Wasiƙar Ƙungiya Kan Alawus Da Ya Maƙale

Wasiƙar farko da na rubuta sa'ad da nake sakataren reshen ƙungiyarmu a nan Zariya shafi uku ce, kuma ba ta samo mana ko sisi ba. Na cika ta da bayanin tsadar masara da kuɗin Keke Napep daga Samaru zuwa Sabon Gari, na ce an daɗe ana zaluntarmu. Duk gaskiya ne. Amma amsar da ta dawo layi biyu ce: hukuma ta karɓa, tana duba lamarin. Daga baya wani dattijo a ofishin kuɗi ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sakatare, takardarka ba ta da abin da zan ɗora bauca a kai. Nawa ne? Na mutum nawa? Na wane wata?" Tun ranar na gane cewa irin wannan wasiƙa ana rubuta ta ne yadda mai biyan kuɗi zai iya aiki da ita kai tsaye, ba tare da ya sake tambayar kowa komai ba. Ga yadda nake bi yanzu.

Mataki na ɗaya: gano inda kuɗin ya tsaya

Kafin ka ɗauki biro, ka san daga wace jaka alawus ɗin ke fitowa. Akwai wanda ke zuwa tare da albashi daga Abuja ko daga Kaduna, akwai kuma wanda ma'aikata ke biya daga kuɗin shigarta. Idan na farkon ne, shugaban ma'aikatarku ba shi da ikon biya ko da yana so, don haka abin da za ku nema shi ne ya nuna muku takardar da ya aika sama da ranar da ya aika ta, ya kuma sake bin sawu. Idan na biyun ne, kuɗin na hannunsa, kuna iya neman rana. Wanda ya gwama waɗannan biyu a wasiƙa ɗaya ya buɗe wa hukuma ƙofar fita: za ta amsa a kan na Abuja kawai, ta ce ba daga gare ta ba ne, ta yi shiru a kan nata.

Sannan ka nemo takardar da ta kafa haƙƙin. Ko sakula ce, ko yarjejeniyar da aka sa wa hannu da ƙungiya, ko littafin sharuɗɗan aiki. Ka kwafo lambarta da kwanan watanta daidai, harafi da harafi. "Kamar yadda aka saba biya" ba hujja ba ce.

Mataki na biyu: lissafi

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yin ganganci. Mu ɗauki misali. Ma'aikata 84 ne ke aikin karɓa-karɓa, masu gadi da masu kula da injin wuta da famfo, kowanne yana da alawus na Naira 12,000 a wata. Ba a biya ba daga Fabrairu zuwa Mayu, wata huɗu ke nan. Mai gaggawa zai ce 84 sau 12,000 sau 4, ya rubuta Naira 4,032,000.

To amma da ka zauna da jadawalin aiki sai ka ga mutum shida daga cikinsu sai a Afrilu aka mayar da su wannan sashe, wata biyu kawai suke bi. Lissafin gaskiya shi ne: mutum 78 na wata huɗu, Naira 3,744,000, mutum 6 na wata biyu, Naira 144,000. Jimla Naira 3,888,000. Bambancin Naira 144,000 ne kacal, amma da ka aika da lissafin farko, odita zai gano, kuma daga nan zancen ya tashi daga "yaushe za a biya" ya koma "alƙaluman ƙungiya ba daidai ba ne, a kafa kwamitin tantancewa". Kwamitin nan kuwa sai ya ci wata biyu.

Don haka ka sa wakilin kowane sashe ya tattaro takardun albashin mambobinsa: ta watan ƙarshe da alawus ya fito, da ta watan farko da bai fito ba. Waɗannan biyu gefe da gefe sun fi dogon bayani. Ka cire wanda ya yi hutun shekara a lokacin idan ƙa'idarku ta ce ba a biyan mai hutu, ka ware wanda ya rasu ko ya yi ritaya a layi na daban domin haƙƙinsa na magada ne ko nasa, kada ya ɓace. Jerin sunaye da lambar ma'aikaci da adadin kuɗi su tafi a matsayin rataye, ba cikin jikin wasiƙa ba.

Mataki na uku: izinin mambobi

A kira babban taro, a karanta lissafin, a amince da buƙatu da wa'adi, a rubuta a bayanan taro tare da takardar halarta. Wasiƙar da ta ce "babban taron mambobi na ranar kaza ya yanke shawara" tana da nauyin da wasiƙar shugaba da sakatare su kaɗai ba ta da shi. A sanar da uwar ƙungiya tun kafin a aika. Yawancin ofisoshinmu da Turanci ake rubuta musu, amma ni da Hausa nake fara tsara ta in karanta wa taro, domin masu gadi da leburori su ji abin da za a sa hannu da sunansu, sannan a juya.

Mataki na huɗu: wa'adi

Mambobi a cikin fushi za su ce kwana uku. Kada ka biye. Wa'adin da ba zai yiwu a cika ba, hukuma ba ta ma fara ƙoƙari, ku kuma ranar da ya cika ba ku shirya komai ba, sai a gane barazanarku fanko ce. Ka tambayi ofishin kuɗi ranar da suke rufe bauca. A misalinmu a ce ranar 15 ga wata ake rufewa, albashi ya shiga wajen 25. Idan aka miƙa wasiƙa ranar 7 ga Yuni, sai a nemi zama cikin kwana bakwai, wato kafin 14, domin abin da aka amince ya samu shiga baucar watan. Wa'adin kwana 21 zai cika 28 ga Yuni, bayan albashi ya fita, lokacin da kowa zai duba alat ɗinsa ya san an cika ko ba a cika ba. Kwana 21 mako uku ne cif, don haka idan ranar aiki ka miƙa, a irin ranar zai cika. Sai dai ka duba kada hutun Sallah ya cinye tsakiyarsa. Ka rubuta ranar da lamba, ka kuma faɗi cewa daga ranar karɓa ake ƙirgawa.

Abin da zai biyo bayan wa'adi ma yana da ƙa'ida, kuma ina roƙon 'yan'uwa sakatarori su kula da wannan sosai, domin mambobi ne ke shan wahalar kuskurenmu. Dokar Rigingimun Ƙwadago ta 1976 ta tanadi a fara bin hanyar sulhun da ɓangarorin suka amince da ita, in ta ci tura a zauna gaban mai shiga tsakani, sannan a kai rahoto ga Ministan Ƙwadago. Ta kuma wajabta wa masu ayyukan da rayuwar jama'a ta dogara da su, irin su asibiti da ruwa da wuta, sanarwar kwana 15 kafin su ajiye aiki, kuma a cikinta ne sashe na 43 yake, wanda ake kira ba aiki ba albashi. Gyaran Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago na 2005 ya ƙara da cewa sai mambobi sun kaɗa ƙuri'a mafi rinjaye sun amince kafin yajin aiki. Saboda haka a wasiƙar farko ba na rubuta kalmar yaji. Ina rubuta matakin da na tabbata za mu iya ɗauka washegari.

Mataki na biyar: rubutun kansa

Shafi ɗaya ya isa, a kan takardar ƙungiya mai tambari, da lambar fayil da kwanan wata. A rubuta wa shugaban ma'aikata ta hannun magatakarda idan haka tsarinku yake, da muƙami, ba da suna ba. Ga gangar jikin ta misalinmu:

*Ranka ya daɗe,*

*JINKIRIN BIYAN ALAWUS NA AIKIN KARƁA-KARƁA, FABRAIRU ZUWA MAYU*

*Bisa shawarar babban taron mambobi na ranar 4 ga Yuni, muna sanar da hukuma cewa ba a biya wannan alawus ba tun bayan albashin Janairu, kuma ma'aikata 84 ne ke bin bashinsa. Alawus ɗin Naira 12,000 ne a wata, kamar yadda sakular da muka haɗa a Rataye na 1 ta tanada. Bashin ya kai Naira 3,888,000, kuma bayaninsa mutum-mutum yana Rataye na 2. Mun tuntuɓi ofishin kuɗi da baki ranar 10 ga Afrilu, mun rubuta tunatarwa ranar 6 ga Mayu, ba mu samu amsa a rubuce ba.*

*Muna neman abu uku. Na farko, a zauna da shugabannin ƙungiya kafin 14 ga Yuni. Na biyu, a dawo da alawus ɗin cikin albashin Yuni. Na uku, a biya bashin baki ɗaya, ko a ba mu jadawalin biya a rubuce wanda ba zai wuce kashi biyu ba.*

*Muna sa ran ganin haka cikin kwana 21 daga ranar karɓar wannan takarda, wato zuwa 28 ga Yuni. Idan ranar ta wuce, za mu koma ga babban taro, mu kuma miƙa batun ga uwar ƙungiya domin bin matakan da doka ta tanada. A shirye muke mu zauna da ofishin kuɗi a daidaita duk wani adadi da ake da ja a kai.*

Ka lura da buƙata ta biyu. An raba tsayar da ɗigar da biyan bashin baya. Sau da yawa hukuma na iya dawo da miliyan ɗaya da 'yan kai na kowane wata nan take, amma ba ta da kusan miliyan huɗu a dunƙule. In ka ce ko duka ko babu, sai bashin ya ci gaba da hauhawa kuna jira. Ka kuma lura babu zargin cewa wani ya ci kuɗin. Ko da ana raɗe-raɗin haka a bakin get, abin da ba ka da takardarsa kada ya shiga, domin zai iya zama ɓata suna, kuma zai sa mutumin da kake buƙatar sa hannunsa ya koma kare kansa.

Shugaba da sakatare su sa hannu. Kwafi ga ma'aji, odita na cikin gida da uwar ƙungiya. 'Yan jarida da zaurukan waya ba yanzu ba.

Mataki na shida: miƙawa

Ka kai da kanka, kwafi biyu. A buga wa naka hatimin karɓa mai kwanan wata, mai karɓa ya sa hannu. Idan aka ce mai hatimi ya fita sallah, ka zauna a benci ka jira shi. Wasiƙar da ba ta da shaidar karɓa, wa'adinta bai fara ba. Bayan kwana uku ka leƙa rajista ka tambayi teburin da fayil ɗin yake.

Daga amsar za ka san ko ta yi aiki. Idan an kira ku zama, ko ma'aji ya aiko yana ja a kan sunan mutum biyu ko uku, fayil na motsi, ka ɗauki takardun albashinsu ka je a warware a ranar. Idan kuwa "muna duba lamarin" ce ta sake dawowa ba rana ba adadi, to ranar 21 ga Yuni, saura mako guda, ka aika tunatarwa mai sakin layi ɗaya ɗauke da lambar wasiƙar farko, ka kuma fitar da sanarwar babban taro na ranar aiki ta farko bayan 28.